Darasi: Amarya Ta Nemi A Canza Launin Rigarta A Hotunan Biki, Yaya Ake Yi Kuma Ina Iyakarsa?

Masu ɗaukar hoton biki a Dutsin-Ma da Kurfi da cikin Katsina sun saba samun wani irin saƙo bayan an watse daga biki da kwana biyu ko uku. Darasin yau zai ɗauki misalin irin wannan saƙo ya bi shi daki-daki, domin amfanin masu gyaran hoto a waya, da kuma waɗanda ke shirin tura irinsa.

A misalin, amaryar 'yar Kurfi ce, mai hoton kuma ɗakin aikinsa yana Dutsin-Ma. Ga abin da ta rubuta masa a WhatsApp:

“Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki? Na ga hotuna, sun yi kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai matsala ɗaya. Leshin da na sa ranar kamu ruwan goro ne, ga shi ya zo kusan iri ɗaya da ankon ƙawaye, duk na ɓace a cikinsu. Don Allah a mayar mini da shi kore. In koren ba zai yi kyau ba, a sa fari kawai. Na turo hotunan a sama. Ranar Asabar za a kai albam ɗin gidan surukai.”

Saƙon yana da ladabi, dalilinta kuma mai ƙarfi ne, domin ba amaryar da za ta so a buɗe albam ɗin aurenta a yi ta lalube ana neman ta. Sai dai buƙatu biyun da ta jera kamar abu guda sun yi nisa da juna ƙwarai. Koren mai yiwuwa ne in an yi haƙuri. Farin da ta ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ne kusan ba zai yiwu ba. Dalilin yana cikin yadda waya da kwamfuta ke kallon launi.

Launi kashi uku ne

Duk manhajar gyaran hoto da ta amsa sunanta tana raba launi gida uku, kuma sunayen suna nan a rubuce a kan allo. Hue shi ne jinsin launin, wato ja ne ko kore ko shuɗi. Saturation shi ne kaurinsa, ya ji rini sosai ko kuwa ya koɗe. Na ukun, wanda wasu manhajoji ke kira Lightness wasu kuma Luminance, shi ne haskensa ko duhunsa.

Jinsin launi ana auna shi ne a kan da'ira mai digiri 360. Ja yana kan 0, ruwan goro wajen 30, ruwan ɗorawa 60, kore 120, shuɗi 240, daga nan a zagayo ta ruwan hoda a dawo kan ja. Canza jinsi bai wuce juya wannan da'ira ba. Lanƙwasar yadi da inuwarsa da zanen leshi duk ba a cikin jinsin launi suke ba, suna cikin haske da duhu ne. Shi ya sa in an juya Hue kaɗai, rigar takan ci gaba da zama riga, da naɗe-naɗenta da komai.

Fari kuwa ba ya kan wannan da'ira ko kaɗan, haka ma baƙi. Don a mayar da leshi ruwan goro fari, dole a zare masa launi gaba ɗaya, abin da zai rage shi ne ruwan toka, sannan a yi ta ɗaga haskensa. A nan ake samun ɓarna. Farar riga ta gaskiya tana karɓar launin duk abin da ke kusa da ita, inuwarta ba ta da duhu, kuma tana watsa haske a wuyan mai ita da haɓarta. Ruwan tokan da aka ɗaga da ƙarfi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yakan fito kamar an shafa wa hoton farar ƙasa, ga tsakuwa-tsakuwa da ke ɓullowa daga wuraren inuwa, inda kyamara ba ta samu isasshen haske ba tun farko. Abin da masu aikin suka sani shi ne, daga haske zuwa duhu gangara ce, daga duhu zuwa haske kuwa hawa ne. Rigar da ta fi duk wahala ita ce baƙa da ake so ta koma fara.

Saboda haka amsar da ta dace mai hoton ya bayar ba ta da tsawo: “Wa'alaikumus salam. Amarya ba kya laifi, za a yi koren in sha Allahu. Farin dai ki bar shi, zai ɓata hoton. Amma wane koren kike so?”

Wane koren?

Tambayar ba ta neman dogon zance ba ce. Akwai koren ganyen mangwaro, akwai na tutar Najeriya, akwai tsanwa shar. Ko an turo hoton yadin ma ba a gama ba, domin ido yana yanke hukunci ne bisa hasken da yake zato an ɗauki hoton a ciki. A watan Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga da mahaifiyar wata amarya ta saya don bikin da aka yi a tsibirin Colonsay na Scotland. Wasu sun rantse fara ce da ruwan gwal, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi, kuma na biyun ne suka yi daidai. Hoto ɗaya ne, idanu ne suka bambanta.

Maganin wannan gardama shi ne lamba. Kowane launi a kan allo yana da lambarsa mai gurbi shida, wadda ke nuna adadin ja da kore da shuɗi da ke cikinsa. A misalin nan, in aka ɗora kayan aikin da ake kira Eyedropper a tsakiyar rigar, wurin da ba inuwa ba kuma ba ƙyalli ba, sai ya nuna lambar farko. Koren da amarya ta zaɓa kuma, mai duhu irin na dutsen zumurrudu, shi ne na biyu:

```
#E07B39
#0B6B4B
```

Na farkon yana kan digiri 24 a da'ira, haskensa kusan kashi 55 cikin ɗari. Na biyun yana kan digiri 160, haskensa kashi 23. Ke nan aikin biyu ne: a juya jinsin launi da digiri 136, sannan a rage haske da fiye da rabi. An yi sa'a, gangara ce.

Hotunan da ta turo ba su ne za a gyara ba

Amarya ta ce ta turo hotunan a sama. Waɗannan amfaninsu ɗaya ne, su nuna wa mai hoto waɗanda take nufi. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. In aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi ya koma wajen fiksel 1600 a gefen da ya fi tsawo. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, amma shi ma yana matsewa. A ma'aunin da ake wanke hoto mai kyau, wato fiksel 300 a kowane inci, hoto mai 1600 da kaɗan zai wuce inci biyar, alhali na asalin zai kai inci ashirin.

Akwai kuma wata ɓarnar da ta shafi wannan aiki kai tsaye. Tsarin JPEG yakan adana bayanin launi da ƙarancin daki-daki fiye da bayanin haske, saboda ido bai cika lura da hakan ba. A hoton da aka matse, ruwan goron rigar yakan malala kaɗan ya shiga fatar hannu da bangon baya. Kafin gyara ba mai gani. Da rigar ta koma kore, sai wani siririn zare ruwan goro ya bayyana ya zagaye ta kamar an yi mata baki.

Don haka aikin daga fayil ɗin asali ake fara shi, wanda ke cikin katin kyamara ko kwamfutar mai hoto. In ya ɗauka a tsarin RAW ya fi, domin JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai. In kuma hoton a wayar wata ƙawa yake, sai ta tura shi ta hanyar Document, wadda ba ta taɓa fayil ɗin.

Tarkon ruwan goro

Mai koyo yakan buɗe Lightroom a waya, ya shiga Color, ya danna Mix, ya zaɓi ɗigon ruwan goro ya ja Hue. Abu biyu zai tarar. Na farko, majanyin da ke wurin ba ya kai launi nesa, iyakarsa ya karkata shi wajen maƙwabtansa, ja ko ruwan ɗorawa. Na biyu ya fi muni: fuskar amarya za ta canza tare da rigar.

Fatar ɗan Adam, baƙi ne ko wankan tarwaɗa ko Bature, jinsin launinta yana zaune ne a yankin ruwan goro. Abin da ya bambanta mutane shi ne haske da kauri, ba jinsi ba. Jan lallen da ke hannun amarya yana nan kusa, haka sarƙar gwal, haka rairayin tsakar gida da jan bango. Ga kuma ƙawaye da ankonsu, waɗanda su ne ma dalilin aikin. In aka juya launin hoton gaba ɗaya, su ma za su koma kore, amarya ta sake ɓacewa a cikinsu. Da a ce shuɗiyar riga ta sa, kuma ba wani shuɗi a hoton, da manhaja ta ware ta cikin minti guda. Ruwan goro, ja, ruwan hoda da ruwan ƙasa kuwa sai an kewaye su da hannu.

Wannan kewayewa ita ake kira Mask, wato shingen da ke gaya wa manhaja inda gyara zai taɓa da inda ba zai taɓa ba. A Lightroom na waya, Masking yana cikin abubuwan da sai an biya kuɗin wata. Wanda ba ya son biya yana iya buɗe Photopea, wadda ke aiki kyauta a cikin burauza, kuma tsarinta kusan ɗaya ne da na Photoshop. Tana buɗewa a waya, sai dai bin gefen leshi da yatsa a kan ƙaramin allo aiki ne mai cin rai. Wanda zai iya aron kwamfuta da linzaminta, ya ara.

Yadda ake yin aikin

Bayan an buɗe hoton, sai a kwafe shi ta Layer sannan Duplicate Layer, don na asalin ya zauna a ƙasa ba a taɓa shi ba. A kan kwafin, a ɗauki Quick Selection a bi rigar da shi har ɗige-ɗigen zaɓi su zagaye ta. Daga nan a danna maɓallin Mask da ke ƙasan jerin Layers, mai siffar akwati da da'ira a ciki. Ba za a ga wani canji ba tukuna.

Sai a shiga Layer, New Adjustment Layer, a zaɓi Hue/Saturation, a mayar da shi Clipping Mask domin ya tsaya a kan rigar kaɗai. A ja Hue zuwa +136. Abin da zai fito zai ba da tsoro, wani kore ne mai ɗaukar ido kamar alawar yara. Ba kuskure ba ne. Jinsin launi ya isa inda ake so, haske ne har yanzu yake na tsohuwar riga.

A nan mutane da yawa ke jan Lightness ƙasa, kuma ba shi ne mafi kyau ba. Yana danne komai ne baki ɗaya, har da ƙyallin da ke kan tudun naɗin yadi, sai rigar ta mutu ta zama kamar kwali. Abin da ya fi shi ne a ƙara Curves, shi ma a matsayin Clipping Mask. A kama tsakiyar layin a ja shi ƙasa, a bar ƙarshensa na sama inda yake. Jikin yadin zai yi duhu, ƙyallin kuma ya tsira. Ana yi ana aunawa da Eyedropper a wurin da aka auna da farko, har lambar ta kusanci wadda amarya ta zaɓa. Ba sai ta yi daidai cif ba, riga ba bango ba ce.

Duk wannan ba ya cin lokaci. Abin da ke cin lokaci shi ne gyaran shingen. A koma kan Mask, a ɗauki Brush, a zuƙo hoton sosai. Farin fenti yana shigar da wuri cikin gyara, baƙi yana fitar da shi. Leshi yana da huji, kuma abin da ake gani ta hujin ba riga ba ne. In shafin ciki ne mai launi ɗaya da leshin, a bar shi ya canza. In fata ce, kamar a hannun riga mai raga, dole a bi ta da baƙi, in ba haka ba amarya za ta fito da koren damtse. Duwatsu da zaren gwal su ma a fitar da su, domin gwal ɗin da aka juya da digiri 136 ba ya zama komai sai koren ƙarfe. Mayafi mai shara-shara da ya sauko kan kafaɗa shi ne ya fi wuya, tun da launin riga yana ratsa shi. A wurin sai a rage Opacity na burushin zuwa kamar kashi 30, a riƙa shafawa a hankali har koren ya leƙo ta cikinsa daidai yadda ruwan goron yake leƙowa a da.

Abubuwan da ke tona asiri

Riga mai launi tana feso launinta a kan abin da ke kusa da ita. A fatar amarya ba a cika damuwa ba a wannan misali, domin ruwan goro ya saje da fata. Amma in akwai hoton da ta tsaya kusa da ango cikin farar shadda, a duba gefen babbar rigarsa da ke wajenta. Za a ga wani ɗan ja-ja a kai, kuma in aka bar shi kusa da koriyar riga, ko wanda bai san gyaran hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba. Ana rage masa Saturation ne da burushi mai laushi. Haka za a duba madubi, gilashin mota da tayil mai ƙyalli, don kada a bar amarya da kore a tsaye, inuwarta kuma da ruwan goro a ƙasa.

Lambar +136 kuma ta hoto ɗaya ce. Hoton da aka ɗauka a tsakar gida da la'asar da wanda aka ɗauka a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki ba za su nuna rigar da launi guda ba, saboda haka kowanne sai an auna shi. In aka gama, a jera su duka a kan allo a kalle su tare. Albam ɗin da rigar ta fito kore iri huɗu ya fi na asalin muni.

Wasiƙar da ta fi taimakon mai hoto

Da amarya ta san duk wannan, ga yadda saƙonta zai kasance:

“Assalamu alaikum Malam, ina wuni? Don Allah ina son a canza launin leshin da na sa ranar kamu, a hotuna goma sha biyu da na turo, su kaɗai. Daga ruwan goro zuwa kore mai duhu, lambarsa #0B6B4B. Riga da ɗankwali za a canza, mayafi da duwatsun su zauna yadda suke, ankon ƙawaye ma kada a taɓa. A fara yi mini guda ɗaya in gani, a turo ta Document. Na asalin kuma a ajiye mini su. Albam za a yi, da guda ɗaya babba na firam. Nawa ne kuɗin kowane hoto, kuma zai samu kafin Alhamis?”

Kowace jimla a nan ta rage wa mai hoto aiki ko ta toshe wata rigima. Adadin hotuna yana da muhimmanci domin shinge ba ya ƙaura daga hoto zuwa hoto, kowanne sai an zana masa nasa, shi ya sa ake yanke kuɗin a kan hoto ɗaya-ɗaya ba a dunƙule ba. Wanda ya ce zai canza hotuna ɗari biyu cikin dare guda, a nemi ganin hannun riga da gefen mayafi kafin a biya shi. Batun ajiye na asali kuma ba ƙarami ba ne. Amaryar da ke jin haushin ruwan goro yau tana iya neman sa bayan shekara goma. Mai hoto ya adana aikinsa a tsarin PSD, wanda ke riƙe shingen, don in ta ce a ƙara duhu kada ya koma farko.

Akwai abin da ya kamata shi ma ya faɗa mata tun kafin ya karɓi kuɗi. Bidiyon kamun zai ci gaba da nuna ruwan goro, domin a kowace daƙiƙa ta bidiyo akwai hotuna 25 ko 30, kuma amarya tana motsi a cikinsu. Hotunan da 'yan biki suka ɗauka da wayoyinsu ma sun riga sun zaga gari. In kuma leshin daga cikin kayan lefe ya fito, dangin ango sun san launin da suka saya, kuma gidansu za a kai albam ɗin. Wannan ba matsalar manhaja ba ce, amma gara ta yi shawara da angonta kafin Asabar.

Kafin a wanke

Lokacin da samfurin farko ya iso wayarta, ta kashe duk abin da ke sauya launin allo, irin su Eye comfort shield a wayoyin Samsung ko Night Light a wasu wayoyin Android, domin suna ƙara ruwan ɗorawa a kan komai. Ta kuma sani cewa allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, don haka kore mai duhu yakan ƙara duhu in an wanke, wani lokaci har zanen leshin ya nutse. Mai hoto ya fitar da fayil ɗin a JPEG mai cikakken inganci da tsarin launi na sRGB, wanda yawancin injunan wanke hoto ke aiki da shi. Sai a wanke guda ɗaya ƙarami, mai inci biyar da bakwai, a fita da shi waje a duba a inuwa da rana tsaka. In zanen leshin bai fito ba, a koma Curves a ɗaga tsakiyar layin kaɗan, a sake wanke wani, sannan a tura sauran goma sha ɗayan.